Bashin da za a zo karɓa nan da shekara goma

Ɗana, jiya da la'asar na ga wani magidanci sa'anka ya goyo yaronsa a babur daga makarantar firamare, sun biyo ta gaban babbar ƙofar jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, yaron yana nuna ƙofar da yatsa, uban yana dariya yana gyaɗa kai. Yaron ba zai wuce shekara takwas ba. Na tsaya ina kallonsu har suka ɓace, domin na san abin da uban nan bai gama lissafawa ba: daga yau an rubuta masa bashi, kuma nan da shekara goma, in Allah ya raya yaron ya ba shi sa'a, za a zo karɓa. Kai ma na san kana da irin wannan yaro ko yarinya a gida, na kuma san niyyarka mai kyau ce, tun da har ka fara tunanin inda za ka ajiye musu wani abu. Shi ya sa nake so ka ba ni aron kunnenka, mu zauna mu duba wannan bashi tun ba a fara ƙwanƙwasa maka ƙofa ba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya raba wannan kuɗi da sauran dukiyarka shi ne yana da rana. In kana tara kuɗin gini ne, kasuwa ta yi maka gardama, sai ka ɗaga ginin zuwa baɗi, ba abin da ya lalace. Kuɗin makaranta kuwa ba ya ɗaguwa. Ranar da aka buɗe rajista an buɗe, ranar da aka rufe an rufe, mai gidan hayar da ke Ɗanraka ko Hayin Dogo ba zai jira farashin masara ya tashi kafin ya karɓi kuɗin ɗakinsa ba. Saboda haka duk abin da za ka zuba wannan kuɗi a ciki, tambaya biyu za ka yi masa. Zai iya gudu tare da tsadar kaya har shekara goma? Kuma a ranar da nake bukatarsa, zai koma tsabar kuɗi a hannuna ba tare da na karyar da shi ba? Wahalar ita ce abin da ya iya na farko yakan gaza a na biyu, abin da ya iya na biyu yakan gaza a na farko.

Mu fara da sanin girman bashin, domin yawancin iyaye a nan suke yin kuskuren farko, sai su ɗauki kuɗin makaranta na bana su ce shi za su tara. Ɗauki takarda ka je ka tambayi maƙwabcin da ɗansa ke jami'a yanzu, ya faɗa maka gaskiyar abin da yake kashewa a shekara, da rajista, da ɗaki, da abinci, da littattafai, da kuɗin mota. Bari mu ƙaddara ya ce maka naira dubu 600, lissafi ne na misali, kai ka sa naka. Shekara huɗu ke nan naira miliyan 2 da dubu 400 a kuɗin yau. To, in kaya suna ƙara tsada da kashi 15 cikin 100 kowace shekara, farashi yana ninkawa biyu duk bayan kamar shekara biyar, wato a shekara goma ya ninka sau huɗu. Shekarar farko ta yaronka a jami'a za ta ci kusan naira miliyan 2 da dubu 400 ita kaɗai, shekaru huɗun kuwa a haɗe za su ɗan haura miliyan 12. Kada ka ce na tsananta da na ce kashi 15. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi da yake naira dubu 18 a 2011 ya koma dubu 30 a 2019, ya koma dubu 70 a 2024, kuma ka tambayi duk ma'aikacin da ka sani ko cefanensa ya ƙaru.

Na ga fuskarka ta canza da jin miliyan 12, amma kwantar da hankalinka, domin ba miliyan 12 na yau ba ne. Ga yadda nake so ka riƙe lissafin. In ka raba miliyan 2 da dubu 400 gida 120, adadin watannin shekara goma, za ka samu naira dubu 20 a wata. In ka riƙa jefa dubu 20 ɗin nan a asusu ko a akwati, ba ka ƙara ba, ba ta haihu ba, ranar da yaron zai shiga jami'a za ka fasa ka tarar da miliyan 2 da dubu 400 cif, kuɗin shekara ɗaya tak, ka yi wahalar shekara goma ka sayi rubu'in abin da ka nufa. Amma in ka cika sharaɗi biyu, dubu 20 ɗin nan za ta isa. Na farko, kowace shekara ka ƙara abin da kake zubawa gwargwadon yadda kaya suka tashi, bana dubu 20, baɗi dubu 23, baɗin baɗaɗa dubu 26 da ɗoriya. Na biyu, abin da ka riga ka zuba ya kasance yana girma daidai da tsadar kaya. Ka lura ban ce ya ninka maka arziki ba, na ce ya tsare darajarsa kawai. Wannan shi ne duk abin da muke nema, kuma a ƙasar nan ba ƙaramin aiki ba ne.

Yanzu mu duba inda ake zubawa, in fara da wanda na fi sani, wato takardar Sukuk ta gwamnatin tarayya, wadda Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, ke fitarwa. An tsara ta ne a kan haya ba a kan ruwa ba, ana gina hanyoyi da kuɗin, a riƙa biyan masu ita kuɗin haya sau biyu a shekara, in wa'adi ya cika a mayar musu da uwar kuɗinsu, kuma da naira dubu 10 ma ana shiga. Ta farko ta fito a watan Satumba na 2017, mai wa'adin shekara bakwai, hayarta kashi 16.47 cikin 100. Ka ga wanda ya zuba dubu 100 a lokacin, duk shekara ya karɓi naira 16,470, a shekara bakwai ya karɓi 115,290, sannan a Satumbar 2024 aka mayar masa da dubu ɗarinsa. An cika alkawari, ba a ci wa kowa sisi ba. Sai dai a waɗannan shekaru bakwai farashin kaya ya ninka sau uku har da ɗoriya. Wanda ya riƙa karɓar hayar yana zuba ta a cefane da hidimar sallah, ranar da aka ba shi dubu ɗarinsa ba ta sayi sulusin abin da take saye a 2017 ba. Wanda kuwa ya daure, duk hayar da ta shigo ya sake juya ta a abu mai kawo kwatankwacin haka, shi ne kuɗinsa ya kusa ninkawa sau uku, ya biyo bayan tsadar kaya dab da dab, ko da yake bai kamo ta ba.

Ina so ka tsaya a kan mutanen nan biyu, domin takarda ɗaya suka saya a rana ɗaya, halinsu ne ya raba su. A ƙasar da kaya ke tashi da kashi 15 ko 20, kuɗin hayar da aka turo maka ba riba ba ce, ɓangare ne na uwar kuɗinka da tsada ta gutsure aka dawo maka da shi. In ka ci shi, irin shukarka ka ci. Na san yadda zuciya take in saƙo ya shigo waya ana gab da azumi, ga buhun shinkafa ya ƙare, sai ka ce ai wannan ƙari ne, uwar kuɗin tana nan. Ba ƙari ba ne, ɗana, kuɗin littafin yaronka ne.

Akwai kuma abu biyu da ya kamata ka duba kafin ka sa hannu. Hayar Sukuk ba ta canzawa bayan an yanke ta: wadda ta fito a 2020 kashi 11.2 aka ba ta, masu ita suna nan a kan haka lokacin da tsada ta haura kashi 30, alhali wadda ta fito a 2025 kashi 19.75 ce. Don haka kada ka zuba komai a fitowa ɗaya, ka riƙa saye kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka buɗe, mai kyau ta rufa wa marar kyau asiri. Ba kowace shekara ake fitarwa ba, in an buɗe ma kwanaki kaɗan ne a rufe, sai ka riƙa tara kuɗin a gefe kana sauraro. Sannan ka dubi shekarar da wa'adinta zai cika ka gwada da shekarun yaronka. Mai shekara goma da ka saya yau za ta faɗo daidai lokacin rajista, amma irinta da za ka saya yaron yana da shekara 13 ba za ta nuna ba sai ya gama jami'a. Ana iya sayar da ita a kasuwa kafin wa'adi ta hannun dillali, sai dai in a lokacin sababbin takardu sun fi taka haya, mai saye zai taya ƙasa da abin da ka biya. Maƙwabtanmu na Sabon Gari waɗanda addininsu bai hana su karɓar ruwa ba suna da takardar ajiya ta gwamnati da ake buɗewa kowane wata tun 2017, daga naira dubu 5, mai shekara biyu ko uku, kuma duk abin da na faɗa game da cin haya ya hau kansu su ma.

Tun da Sukuk kaɗai da ƙyar take bin sawun tsada, dole wani kaso ya shiga abin da farashinsa ke tashi tare da kaya, a nan ne maganar hannun jari ke shigowa. In kana da hannu a kamfanin siminti ko na sukari ko na sadarwa, duk lokacin da suka ƙara kuɗin kayansu kai ma wani abu na zuwa gare ka, shi ya sa a dogon zango hannun jari kan tsare daraja. Amma bari in gaya maka abin da ya same ni, don kada ka ji daga bakin wani. A 2007 babu majalisar da ba a maganar hannun jari a Samaru, malamai da masinjoji kowa na saye, ni ma na kwashe abin da na tara wa babbar 'yata na sayi na wasu bankuna, saura shekara biyu ta shiga jami'a. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya kai wajen dubu 66, muna ta murna. Kafin shekara ta zagayo ya faɗo wajen dubu 20. Rajista ta zo, na sayar a kan abin da bai kai sulusin kuɗina ba, na cika da rance. Ma'aunin nan bai sake taka inda ya kai a 2008 ba sai a watan Agusta na 2023, shekara goma sha biyar, sannan ya wuce dubu 100 a farkon 2024. Ban zargi kasuwa ba, kasuwa halinta ta yi. Laifina ne da na kai mata kuɗin da saura shekara biyu a bukace shi, na kuma zuba shi gaba ɗaya a rana ɗaya a sana'a iri ɗaya.

Kai kana da abin da ban da shi a lokacin, wato shekara goma, kuma za ka riƙa saye wata-wata ne, in kasuwa ta faɗi zubinka na wata ya sayi da yawa, in ta tashi ya sayi kaɗan. Ban ba ka shawarar ka zauna kana zaɓen kamfani da kanka ba, sai in aikinka ne. Akwai asusun haɗaka da ƙwararru ke juyawa, a tara kuɗin mutane da yawa a saya musu hannu a kamfanoni daban-daban, kuma akwai waɗanda aka tace su bisa shari'a, ba bankin ruwa, ba giya, ba caca, irin wanda kamfanin Lotus Capital ya buɗe tun 2008 da asusun Imaan na Stanbic IBTC. Na ambace su ne don ka san akwai, ba don na ce su za ka bi ba. Duk wanda za ka ba kuɗinka, ka fara duba sunansa a jerin waɗanda hukumar SEC ta yi wa rajista, ka tambayi nawa suke yanka a shekara ladan aikinsu, ka tambayi kwana nawa ake yi kuɗi ya fito in ka nema, ka kuma ce su nuna maka abin da asusun ya yi a shekara biyar da suka wuce har da shekarun da ya faɗi. Wanda ya ce maka nasa bai taɓa faɗuwa ba, ɗauki hularka ka fito.

In da ni ne kai, a shekaru shida ko bakwai na farko zan raba dubu 20 ɗin nan kamar haka: dubu takwas asusun hannun jari, dubu takwas Sukuk, dubu huɗu kuma in tara in riƙa sayen zinariya ko giram ɗaya ne in ya samu. Ra'ayina ne, ba aya ba ce, mai raunin zuciya ya rage na hannun jari. Dalilin zinariyar shi ne farashinta dala yake bi, kuma kai shaida ne cewa dalar da take ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati a 2015 ta haura 1,500 a 2024. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan. Sai dai ka sayi mai ƙarancin ado, domin kuɗin ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa, ka karɓi rasit mai nauyi da lamba, kuma ka tuna ba ta haihuwa, ɓarawo kuma yana sonta kamar yadda kake sonta.

Na san tun ɗazu kana so ka ce mini, Baba, ina fuloti? Ai kowa ya san wanda ya sayi fili a Bomo ko Basawa ko Zango shekarun baya yau ya gode Allah. Gaskiya ne, fili ya amsa tambayar farko da kyau. A ta biyu ce yake tuntuɓe. Fuloti ba ya gutsuruwa, ba za ka yanki kusurwa ɗaya ka biya kuɗin zangon farko ba, kuma ranar da dillalai suka ji cewa rajistar ɗanka ce ta matso, sun san kai ne mai gaggawa, sai su taya maka yadda suka ga dama. Sannan akwai maganar takarda. Mutanen unguwar Graceland a nan Zariya sun ga rusau a 2021 kan rikicin fili da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, gidaje ne ginannu da mutane a ciki, balle fili fetal da takardar mai unguwa kawai. In har za ka saya, ka kai takardun KADGIS a bincika kafin ka biya, ka kewaye shi, ka kuma ƙudurta cewa za ka sa shi a kasuwa tun saura shekara biyu, lokacin da kana da ikon ka ce albarka.

Ɗakunan haya na ɗalibai ma haka, suna kawo kuɗi, kuma kuɗin na tashi da zamani. Amma ka dubi garin nan da kyau. Samaru da jami'a take numfashi. A yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas, wanda yake aiki a jami'a albashinsa ya tsaya, ɗakunansa ba mai sabunta haya, shagon matarsa na kwafin takardu ba ciniki, duk a lokaci guda, domin ashe rijiya ɗaya suke sha. In abincinka daga jami'a yake fitowa, kuɗin karatun yaronka ya kamata ya zauna a inda yajin aiki ba ya kaiwa.

Ajiyar hatsi da kiwo kuwa sana'a ce, ba ajiya ba. Wanda ya saba sayen masara a Giwa da kaka ya fitar da bazara ya san ƙwari da hayar sito da shekarar da farashi ke juyawa, kamar yadda ya karye a 2025 ya bar masu ajiya da yawa da hasara. In sana'arka ce, ka yi ta da jarin sana'a, ka ciri rabon yaron daga riba. Adashe kuma yana da amfani wajen tilasta maka tarawa, amma abin da ka zuba shi za ka kwasa, saboda haka ranar kwasarka ka wuce da shi kai tsaye inda zai yi aiki.

Ba zan daɗe a kan masu cewa kawo dubu ɗari ka karɓi dubu 130 a wata ba, don na san kana da hankali. Sai dai masu hankali ne MMM ta cinye a Disambar 2016, masu hankali ne CBEX ta cinye a Afrilun 2025, kuma galibi ba baƙo ne ke kawo maka su ba, abokin aikinka ne ko ɗan'uwan matarka, wanda shi ma ya yarda, har ya nuna maka shaidar an biya shi. Ma'auninka shi ne wannan: gwamnatin tarayya da kanta, a shekarar da ta fi matsuwa, abin da ta ba masu Sukuk bai kai kashi 20 a shekara ba. Wanda ya yi maka alkawarin fiye da haka a wata ɗaya, kuɗin wanda ya shigo bayanka zai ba ka, har ranar da kai ne na ƙarshe. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, balle kwaɗayi da kuɗin yaro.

To, ga inda na faɗi, inda nake so kai ka tsallake. Ranar da yaronka ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare, yana da kamar shekara 15, saura shekara uku ke nan, daga ranar aikinka ya canza daga nema zuwa tsarewa. Ka tuna ba a rana ɗaya za a karɓi bashin duka ba, kashi huɗu ne a shekara huɗu, don haka kai ma kashi huɗu za ka janye. Yana aji ɗaya, ka fitar da kuɗin shekararsa ta farko ta jami'a daga hannun jari da zinariya, ka mayar da shi inda ba ya faɗuwa, ko Sukuk da wa'adinta zai cika kafin rajista, ko ajiyar wa'adi a bankin da ba ya mu'amala da ruwa irin Jaiz ko TAJ. Yana aji biyu ka fitar da na shekara ta biyu, yana aji uku na ta uku, ya shiga jami'a ka fitar da na ƙarshe. Sabon zubin da kake yi a waɗannan shekaru shi ma can zai riƙa tafiya. Za ka ji ciwo in ka sayar kasuwa ta ci gaba da hawa, abokai su ce ka yi gaggawa. Ka bar su su faɗa. In kuma shekarar janyewa ta zo kasuwa tana ƙasa, kana da sararin jira wata shida ko shekara, ka fara da zinariya ko Sukuk da ta nuna, wannan sarari shi ne amfanin farawa tun saura shekara uku. Ka kuma kula da adadin da ka tara a banki guda: tun 2024 hukumar NDIC naira miliyan 5 take lamunce wa mai ajiya a babban banki, miliyan 2 a ƙaramin banki, kuma waɗanda ke da ajiya a bankin Heritage da aka soke lasisinsa a Yunin 2024 sun ga bambancin wanda ke ƙasa da iyakar da wanda ya haura ta.

Sau ɗaya a shekara, ka zaɓi wata guda, ko bayan babbar sallah, ka koma wurin maƙwabcin nan ko wani irinsa ka sake tambayar nawa shekarar jami'a take ci yanzu. Sai ka haɗa darajar duk abin da ka tara ka raba da wannan adadi. Amsar ita ce shekarun karatu nawa ka riga ka saya. Bayan shekara biyu da rabi ya kamata ka ga ka sayi shekara ɗaya, bayan biyar ka sayi biyu. In ka ga naira na ƙaruwa a takarda amma shekarun ba sa ƙaruwa, to tsada ta fi ka gudu, sai ka ƙara zubi ko ka sake duba rabon. In yaron ya nuna alamar likitanci zai karanta, wanda shekara shida ne kuma ya fi cin kuɗi, a wannan zama ne za ka gyara lissafi, ba a shekarar ƙarshe ba. Lamunin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana nan, ba ruwa a cikinsa, zai iya toshe wata kafa, amma ba zan gina shirin shekara goma a kan tsarin da gwamnati biyu ko uku za su gada kafin lokacin ba.

Saura abin da ya fi tsada da kasuwa cinye irin wannan kuɗi, wato mu kanmu. A shekara goma za a yi rashin lafiya, za a yi biki, ƙaninka zai zo da matsalar da ba ka iya kawar da kai, kuma kai mutumin kirki ne, hannunka zai tafi inda kuɗi yake. Don haka kafin ka fara na yaron, ka ware ɗan abin ko-ta-kwana daban, ko na cefanen wata uku ne, wanda shi za a taɓa in ta ɓaci. Ka sanar da mahaifiyar yaron komai, inda kuɗin yake, da sunan dillali, da lambar asusu, da inda takardu suke, domin akwai dukiya mai yawa a ƙasar nan da ke kwance ba mai nema saboda maigida ya rasu da sirrinsa. Ka tabbata sunanka iri ɗaya ne a BVN da NIN da takardun jarin, harafi ɗaya in ya saɓa sai iyalinka su yi shekara suna zirga-zirga. Ka kuma je wurin malamin da ka amince da shi da tambaya biyu. Ta farko zakka, domin in abin ya kai nisabi ya shekara akwai haƙƙi a kansa, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya dukiyar yaro ma ana fitar mata, sai ka sa wannan ɗaya cikin arba'in a lissafinka tun yanzu. Ta biyu mallaka: in da sunanka kuɗin yake, ranar da ta Allah ta kasance gado ne na dukkan magada, ko da ka sha faɗa da baki cewa na karatun wane ne. In kana so ya zama nasa, sai an yi kyauta ta sosai, da shaidu, da rubutu, a buɗe asusun da sunansa kana waliyyinsa, kuma malam zai tambaye ka me ka tanadar wa sauran 'yan'uwansa, maza da mata, gara ka je da amsarka a shirye.